Yankin jimla mai reto a tambayoyin gyaran jimla: yadda ake gane shi da yadda ake gyara shi

*Assalamu alaikum, Malam. Ina shirin jarrabawar ɗaukar ma'aikata, kuma a ɓangaren Turanci akwai tambayoyin da ake ja wa wani yanki na jimla layi, a ce mutum ya zaɓi gyaran da ya fi dacewa. Wata jimla ta ce: "Walking to the market, the rain began to fall." Littafin da nake bita da shi ya ce kuskure ce, ya kira abin "dangling modifier", wani wurin kuma ya ce "misplaced modifier". Ni kuwa na karanta, na sake karantawa, ban ga laifinta ba. Ta yaya zan riƙa gane irin wannan, kuma yaya ake gyarawa?*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Rashin ganin laifin jimlar yana da dalili, kuma dalilin yana cikin yadda Hausa ta gina maka kunne. Idan za ka ba da wannan labari da Hausa, cewa za ka yi "Ina tafiya kasuwa, sai ruwa ya sauko." Jimlar lafiya lau take, domin ɗan ƙaramin "ina" ɗin nan ya riga ya faɗi mai tafiyar. Aikatau a Hausa yana fitowa da zaginsa a gabansa: na, ka, ya, ta, muna, suna. Saboda haka kowane ɓangare na jimla yana ɗauke da mai aikinsa, kuma ɓangarori biyu na iya samun masu aiki biyu daban ba tare da wani ruɗani ba, kai kana tafiya, ruwa yana saukowa.

Kalmar *walking* ba ta da wannan gata. Ita kaɗai ba ta nuna ko ni ne ke tafiya, ko kai, ko su. Kai da kake karantawa da ƙwaƙwalwar Bahaushe sai ka cike gurbin da kanka, ka ji "ina tafiya" a inda takardar ba ta rubuta kowa ba. Ƙa'idar rubutaccen Turanci kuwa ita ce, yankin da ya buɗe jimla ba shi da mai aiki na kansa, aro yake yi, kuma wurin aron guda ɗaya ne: aikau na babbar jimla, wato sunan da ke tsaye bayan waƙafi. Kamar akuya ce da igiya a wuya, turken farko da aka tarar bayan waƙafin nan shi ake ɗaure ta a kai, ko na mai ita ne ko na maƙwabci. A jimlarka abin da ke bayan waƙafi shi ne *the rain*. To, abin da jimlar ta faɗa a zahiri shi ne ruwan sama ne ke tattaki zuwa kasuwa.

Bambancin sunaye biyun da littafinka ya kawo ba shi da wuya. Idan wanda ake nufi babu shi kwata-kwata a cikin jimlar, kamar mai tafiya kasuwan nan da ba a ambace shi ba, yankin yana reto ne, ba shi da abin kamawa, shi ne *dangling modifier*. Idan kuwa wanda ake nufi yana cikin jimlar amma an ajiye bayanin nesa da shi, har ya manne wa wani suna daban, to ajiya ce ba a muhalli ba, wato *misplaced modifier*. Bambancin yana da amfani ne saboda gyaran ya bambanta: na farko sai an shigo da wanda ya ɓata, na biyu kuwa matsar da kalmomi kawai ake yi. A ɗakin jarrabawa babu mai tambayarka sunan kuskuren, tambaya ɗaya ce ke yi maka aiki a duka biyun, wato wa ake bayani a kansa, kuma shi ne ke kusa da bayanin?

Kafin in shiga misali, ka san tsarin tambayar. Da yawa daga cikin littattafan da masu neman aiki ke bita da su a Najeriya sun kwaikwayi tsarin tsohuwar jarrabawar GMAT ne, ta neman gurbin babban digiri a fannin kasuwanci, inda ake ba da zaɓi biyar, zaɓin A kuma maimaicin abin da aka ja wa layi ne ba tare da canji ba. Ita GMAT ɗin ta cire wannan nau'in tambaya a sabon tsarinta da ya fara a ƙarshen 2023, amma tsoffin tambayoyinta suna nan suna yawo a jarrabawowin ɗaukar aiki. Jarrabawar SAT ta neman shiga jami'a a Amurka, wadda ake yi a kwamfuta, har yanzu tana gwada wannan ƙa'ida, sai dai zaɓi huɗu take bayarwa, kuma gurbi take bari maimakon jan layi. A can, a ɓangaren karatu da rubutu, tambaya 54 ce cikin minti 64, kusan daƙiƙa 71 ke nan ga kowace tambaya. Da irin wannan ƙurarren lokaci, karanta kowane zaɓi daga farko har ƙarshe ana sauraron wanda ya fi daɗi a kunne hanya ce ta faɗuwa.

Ga tambaya mu warware ta tare. Abin da ke bayan waƙafi shi aka ja wa layi:

*Soaked in cold water for an hour, the cook ground the beans into a smooth paste.*

A. *the cook ground the beans into a smooth paste*
B. *the cook's grinding of the beans produced a smooth paste*
C. *the beans were ground into a smooth paste by the cook*
D. *a smooth paste was made from the beans by the cook*
E. *it was easy for the cook to grind the beans into a smooth paste*

Abu na farko, kada ka kalli zaɓuɓɓukan tukuna. Karanta yankin farko, ka tsaya cak a kan waƙafi, ka tambayi kanka: me aka jiƙa a ruwan sanyi na awa ɗaya? Duk wanda ya taɓa ganin ana shirin ƙosai ko alala ya san wake ake jiƙawa kafin a kai niƙa. Amsarka ke nan tun kafin ka ga ko zaɓi ɗaya: dole *the beans* ya tsaya bayan waƙafi. Yanzu sai ka saukar da ido daga sama zuwa ƙasa, kana karanta kalmomi biyu ko uku na farkon kowane zaɓi kaɗai.

A ya fara da *the cook*, wato mai girkin ce aka tsoma a ruwan sanyi, ya faɗi. B ya fara da *the cook's grinding*, aikin niƙa ke nan, kuma ba a jiƙa aiki a ruwa. D ya fara da *a smooth paste*, ƙullun ke nan. Wannan ya fi sauran haɗari, domin ƙullu abu ne da ke da alaƙa da ruwa da wake, kunne kan karɓe shi. Amma ƙullun bai samu ba sai bayan niƙa, jiƙon kuwa kafin niƙa aka yi shi, don haka ba ƙullu aka jiƙa ba. E ya fara da *it was*, kuma wannan *it* ba ya wakiltar komai, cike gurbi kawai yake yi, babu abin da za a jiƙa a cikinsa. Saura C. Sai ka mayar da shi cikin jimlar ka karanta ta gaba ɗaya sau ɗaya, don ka tabbatar ba a dasa wani kuskuren a wutsiyarsa ba, kamar rashin jituwar aikau da aikatau ko ɓataccen lokaci. *The beans were ground*, jam'i da jam'i, shuɗaɗɗen lokaci, komai ya zauna.

Na zaɓi wannan misali da gangan. Akwai shawarar da ake yawan ba ɗalibai, cewa su guji juyayyiyar jimla, wato wadda abin da aka yi wa aiki ke zuwa gaba sannan a biyo da *was* ko *were* da *by*, su kuma zaɓi mafi gajarta wadda mai aiki ke gaba. Wanda ya riƙe wannan shawara a matsayin doka zai zaɓi A a nan, domin A ta fi kowace santsi a baki. Masu tsara tambaya sun san da wannan ɗabi'a, shi ya sa suke yawan sanya kuskuren a cikin jimla mai daɗin karatu, su bar amsar gaskiya a cikin jimla mai ɗan nauyi. Shawarar gajarta tana aiki ne kawai tsakanin zaɓuɓɓukan da dukansu suka tsira daga kuskuren nahawu. Idan akwai reto, shi ake fara kawarwa.

Ka lura kuma da siffar kalmar da ta buɗe jimla, domin tana gaya maka irin sunan da take nema. Mai ƙarewa da *-ing*, ko *having* da aikatau a bayansa, tana neman wanda ya yi aikin. Mai ƙarewa da *-ed*, ko 'yan'uwanta irin su *built, born, written, stolen*, tana neman wanda aka yi wa aikin. Da jimlar ta fara da *Having soaked the beans for an hour*, to da amsar ta juya gaba ɗaya: yanzu tambayar ita ce wa ya jiƙa waken, kuma *the cook* ce za ta tsaya bayan waƙafi.

Tarkon da ya fi kama masu ƙoƙari shi ne na mallaka, irin na zaɓin B. Wanda ya fara gane ƙa'idar sai ya riƙa neman sunan da ya dace da ido, da ya hango shi bayan waƙafi sai ya danna ya wuce. Duba wannan:

*Appointed prime minister in 1957, Tafawa Balewa's speeches won him wide respect.*

Wa aka naɗa firaminista a 1957? Abubakar Tafawa Balewa. Ga kuma sunansa nan daram bayan waƙafi, sai mutum ya ce ai shi ke nan. Amma ɗan *'s* ɗin da ke manne da sunan ya sauke shi daga matsayin aikau ya mai da shi mai mallaka kawai. Aikau na jimlar shi ne *speeches*. Idan ka juya yankin zuwa Hausa abin zai fito maka fili: "jawaban Tafawa Balewa". Ka ga a Hausa abin da aka mallaka ne ke zuwa gaba, nan take ka san jawabai ake magana a kai. Turanci kuwa mai mallaka yake sawa a gaba, shi ya sa ido ke ruɗuwa. Jimlar tana cewa jawaban ne aka naɗa firaminista. Gyaranta shi ne a mayar da mutumin kan kujerar aikau:

*Appointed prime minister in 1957, Tafawa Balewa won wide respect through his speeches.*

Duk lokacin da ka ga suna da *'s* bayan waƙafi, ka tsallaka zuwa sunan da ke biye da shi, shi ne ainihin wanda yankin farko ya kama. Haka ma *his, her, their, my*: a cikin *my father*, uban ne aikau, ba ni ba. Shi ya sa *As a child, my father took me to the farm* take nufin uban ne yana yaro ya kai ɗansa gona, abin da ba zai yiwu ba. Ka ga a nan babu *-ing* ko *-ed*, amma cutar ɗaya ce. Yankin da ya fara da *as*, da wanda ya fara da *to* mai nuna manufa, da wanda ya fara da *unlike* ko *like*, da yankin suna tsura irin *A trained nurse,* duk aro suke yi a wuri guda. *Unlike Lagos, the weather in Jos is cool* ta kwatanta gari da yanayi. Abin da ake so shi ne gari da gari, *Unlike Lagos, Jos has cool weather.*

Yanzu ga maganar gyara, wadda ita ce rabin tambayarka. Hanya biyu ce, kuma ba kai ke zaɓa ba, inda aka ja layi shi ke zaɓa maka. Abin da ba a ja wa layi ba, ba ka da ikon taɓa shi, shi ne abin da za ka gina a kai.

Idan layin yana kan ɓangaren da ke bayan waƙafi, yankin farko ya zauna ke nan, aikinka shi ne kawo sunan da ya dace ka tsayar da shi bayan waƙafi. Abin da muka yi da wake da Tafawa Balewa ke nan. A jimlarka ta kasuwa hakan zai ba da wani abu kamar *Walking to the market, I was caught in the rain.*

Idan kuwa layin yana kan yankin farko ne, *the rain began to fall* ta zauna, ba ka da damar ture ruwan daga wurinsa. A nan sai a ba yankin farko mai aikinsa na kansa, ya zama cikakkiyar ganga mai mahaɗi da aikau da aikatau, ya daina buƙatar aro. Wato dai ka mai da shi yadda Hausa ke yi tun asali:

*As I was walking to the market, the rain began to fall.*

*When I was a child, my father took me to the farm.*

A wannan nau'in akwai zaɓin bogi da kusan kullum ake sakawa. Za ka ga *While walking to the market*, ko *When walking*, ko *After walking*, ko *On walking*. An ƙara mahaɗi a gaba, jimlar ta yi kama da an gyara ta, amma har yanzu ba a faɗi mai tafiyar ba. *While walking to the market, the rain began to fall* tana nan da ruwanta mai tafiya kasuwa. Gwajin mai sauƙi ne: tsakanin mahaɗin da aikatau, akwai suna ko wakilin suna? *While I was walking* tana da shi, *While walking* ba ta da shi. Wani zaɓin bogin kuma shi ne canza lokaci kawai, a mai da *walking* ta koma *having walked*. Lokaci ya canza, mai aiki bai zo ba.

Sai mu koma ga ajiya ba a muhalli ba, inda kowa yana cikin jimlar amma an zaunar da bayani kusa da wanda ba nasa ba. A nan ma Hausa tana da abin da Turanci ba shi da shi. Idan na ce "Na sayi ragon matar nan wanda ƙahonsa ya karye", babu mai ruɗuwa, ko da yake "matar nan" ta shiga tsakanin ragon da bayaninsa, domin "wanda" da "-nsa" na namiji ne, da matar ake nufi "wadda" za a ce. Jinsi yana riƙe mana zaren ko da an yi nisa. *That* da *which* da *with* na Turanci ba su da jinsi, abin da ke nuna wa suke bayani shi ne maƙwabtaka.

*The farmer sold the ram to the butcher with a broken horn.*

Mahauci ne ke kusa da *with a broken horn*, don haka shi jimlar ta ba karyayyen ƙaho. Ragon yana nan cikin jimlar, ba a buƙatar shigo da kowa, ɗauke bayanin kawai za a yi a kai shi gefen mai shi: *The farmer sold the ram with a broken horn to the butcher.* A tambaya irin wannan za ka ga duk zaɓuɓɓukan kusan kalmomi ɗaya suke ɗauke da su, jeri ne kawai ya bambanta. Wannan kansa alama ce. Da zarar ka ga an riƙa jujjuya kalmomi guda a zaɓi huɗu ko biyar, ka san muhallin bayani ake gwadawa, sai ka nemo yankin da ke yawo, ka duba sunan da ke gabansa a kowane zaɓi.

Ƙa'idar maƙwabtaka tana da iyaka, kuma wanda ya tsananta ta zai jefar da amsar gaskiya. Bayani na iya tsallake ɗan gajeren yankin da ke cikin jikin sunan, wanda ba shi da wani wurin zama. A cikin *the bags of rice, which were stolen last night*, kalmar da ke manne da *which* ita ce *rice*, amma *were* na jam'i ne, ya nuna buhunan ake nufi, kuma *of rice* ba ta da inda za a kai ta. Wannan daidai ne. Abin da bayani ba ya tsallakewa shi ne aikatau, ko wani suna mai zaman kansa irin mahaucin nan.

Haka kuma *-ing* da ke zuwa a ƙarshen jimla bayan waƙafi ba ta bin dokar maƙwabtaka. *The river overflowed its banks, destroying many farms* jimla ce lafiyayya: *destroying* ba gaɓar kogi take bayani ba, tana faɗin sakamakon ambaliyar ne, kuma tana komawa ga aikau, wato kogin. Sau da yawa za a ba ka zaɓi mai cewa *which destroyed many farms* a wurin. A tsarin tsohuwar GMAT ana ƙin wannan, domin *which* suna take kamawa, sunan da ke gabanta kuma *banks* ne, alhali ba gaɓar ce ta lalata gonaki ba. Idan babu waƙafi kuwa, *-ing* tana kama sunan da ke gabanta kai tsaye, kamar *the man driving the lorry.*

Akwai kuma ƙananan kalmomi masu taƙaitawa, *only, almost, nearly, just, even*. Su abin da ke biye da su suke taƙaitawa. Hausa akasin haka take yi da "kawai" da "kaɗai", bayan kalma suke zuwa: "Musa kaɗai", "ran Litinin kawai". A maganar baka Turawa kan jefa *only* gaban aikatau, murya ta nuna abin da ake nufi, amma takarda ba ta da murya, mai jarrabawa kuma yana so ta zauna daf da abin da take taƙaitawa. *The clinic only admits patients on Mondays* za a gyara ta zuwa *The clinic admits patients only on Mondays*, domin ranar ake taƙaitawa. Na *almost* ya fi tsanani, saboda ma'anar kan kife gaba ɗaya. *She almost spent all her salary on rent* na nufin ta kusa kashewa amma ba ta kashe ba, wataƙila ko sisi bai fita ba. *She spent almost all her salary on rent* na nufin kuɗin sun tafi, saura kaɗan. Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi tana canza wuri daga zaɓi zuwa zaɓi, ka tambayi kanka me ake taƙaitawa, adadi ne, lokaci ne, ko aikin kansa.

Abu na ƙarshe da nake so ka kiyaye shi ne kada sabon ilimin ya sa ka riƙa ganin reto a ko'ina. Ɗalibi idan ya fara gane wannan kuskure yakan daina yarda da zaɓin A, ko zaɓin da ke cewa babu gyara, alhali wani lokacin jimlar asali ita ce daidai. Yanki mai faɗin lokaci ko wuri kawai ba ya neman mai aiki: *In 1968, the Kainji Dam was completed* da *After the meeting, the hall was locked* duk lafiya suke. Ka kwatanta ta biyun da *After meeting the governor, the hall was locked*. A ta farko *the meeting* suna ne, taron, ba ya tambayar kowa. A ta biyu *meeting* aiki ne mai karɓau, yana tambayar wa ya gana da gwamna, kuma amsar da jimlar ta bayar ita ce zauren taro.

Akwai kuma yankunan da suka daɗe a harshen har suka zama ra'ayin mai magana a kan jimlar duka, ba sa kama kowane suna: *generally speaking, strictly speaking, judging from, considering, according to, to be honest*. *Judging from the clouds, the rain will start soon* karɓaɓɓiya ce, ba wanda zai ce ruwa ne ke duban gajimare. 'Yan kaɗan ne, haddace su ake yi. *Based on* ba ta samu cikakkiyar shiga wannan sahu ba a wurin masu tsananta ƙa'ida. *Based on the results, the manager promoted her* ana jin ta kullum a ofisoshi, amma a tambayar gyaran jimla ana iya ɗaukar ta a matsayin mai cewa manajan ne aka gina a kan sakamakon, don haka idan ka ga *On the basis of the results* a cikin zaɓuɓɓuka, ita ake nema.

Sannan yankin farko na iya zuwa da sunansa a jikinsa ko da babu mahaɗi: *The rain having stopped, we set out for the market.* A kunne tana da baƙunta, kuma da yawa kan soke ta saboda haka. Amma ka yi mata tambayar: me ya tsaya? *The rain*, ga shi nan a cikin yankin kansa, kafin waƙafi. Ba ta aro a wurin *we*, ba ta reto. Idan irin wannan ta fito a matsayin jimlar asali kuma sauran zaɓuɓɓukan sun cire *the rain* sun bar *Having stopped*, to A ce amsarka, domin *Having stopped, we set out* tana cewa mu ne muka tsaya, ba ruwan ba.